Ko I Ko A'a Kafin Juma'a

Malam Siddiƙ mai rijiya yana da wata ɗabi'a da kowa a Tambuwal ya san shi da ita. In ana haƙa, ruwa yana fitowa daga rami da rairayi, sai ya tara hannu ya ɗebi kaɗan, ya kai kusa da kunne, ya murza tsakanin yatsu. In rairayin ya yi laushi kamar gari, sai ya ce a ci gaba. In ya ji yana ƙaras-ƙaras, sai ya gyaɗa kai, kowa ya san an iso inda ruwa yake. Hannun nasa ya saba har ya wuce wurin aiki. An sha ganinsa a wurin ɗaurin aure ya zura yatsu ƙarƙashin tabarma yana saurarar ƙasar ƙofar gidan mutane.

Haƙa ya gada. Mahaifinsa ginin rijiya yake yi irin na da, da diga da igiya, ya shige cikin ƙasa tun safe, sai dai a ji tarinsa daga can. Shi Siddiƙ bai daɗe a cikin rami ba zamani ya sauya. Sai ya koyi rijiyar fadama, wadda manoman rani ke kira tubwel. Injin ban-ruwa ke tura ruwa ta cikin bututun ƙarfe, ruwan yana cin ƙasa, ana danna bututun a hankali har a kai ga rairayi mai tsakuwa. Sannan a zura bututun roba da aka tsattsaga gindinsa, a zuba tsakuwa kewaye, a ja ruwa har ya washe. In ƙasa ba ta yi gardama ba, yini guda ya isa. Inji ɗaya gare shi, da abokin aiki ɗaya, Atiku, wanda suka yi shekara ashirin suna musu a bakin rami ba su taɓa rabuwa ba.

Sana'ar tana da lokacinta. Da ruwan damina ya janye daga fadama, kowa yana son rijiyarsa kafin dashen albasa. Mako shida ne, ko bakwai. Wanda ya yi zaune a cikinsu, to ya yi zaune ke nan sai baɗi.

Ga aiki ba a samunsa da aibu. Abin da ya kasa a duniya shi ne ya tambayi mutum abu kai tsaye. In zai karɓi aron tsani wurin maƙwabci, sai ya gai da shi, ya gai da iyali, ya yi batun damina, har maƙwabcin ya gaji ya ce, "Malam, tsanin ne? Ga shi can." Matarsa Hauwa'u, wadda yake kira Kulu, 'yar Kebbe ce mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita kuwa maganarta ba ta da zaure. Takan ce ranar da ya zo neman aurenta sai da babanta ya yi sallar la'asar ya dawo kafin a gane abin da ya kawo shi.

Shekarar da zan ba da labarinta, damina na tsaka Alhaji Ɗangiwa na Fakku, can ƙasar Kebbe, ya aiko a kira shi. Dattijo ne mai gona da shanu, kuma rijiyar da ke tsakar gidansu mahaifin Siddiƙ ya gina ta. Don haka Siddiƙ ba ya kiransa sai Baba Alhaji. Alhaji ya kai shi gefen fadamarsu, ya nuna masa da sanda, ya ce rijiya shida yake so, bana za a yi albasa ta gaske. Siddiƙ ya zagaya, ya duba, ya koma gida ya sa aka rubuta takarda: ga yawan rijiya, ga zurfin da yake zato, ga bututun da za a sayo daga Sakkwato, ga abin da aikin zai ci. Ya kai da hannunsa. Ya ƙara da alkawari, wanda ba a nema ba, cewa makon farko na rani na Fakku ne, ba zai kafa inji a gonar kowa ba sai ya gama da Baba Alhaji.

Alhaji ya karɓi takarda, ya sa albarka, ya ce za a duba.

Aka yanke gero ana dubawa. Aka fara girbin dawa ana dubawa. In Siddiƙ ya buga waya, sai Alhaji ya ɗauka da murna, a gaisa, ya ce, "Muna nan bisa magana, ɗana," daga nan kuma sai layin ya fara yankewa. Sau ɗaya ya hau babur ya tafi har Fakku. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura da nono mai kauri, aka kawo tuwo da man shanu. Ya ci ya ƙoshi. To, da wane baki mutum zai ci tuwon dattijo sannan ya ce masa ina maganarmu? Ya dawo da ƙwaryar nono a bayan babur.

Sai ya koma ga saƙon murya ta waya, don ya lura a nan ba wanda ke kallonsa. Yakan zauna gindin darbejiya a ƙofar gida, ya gyara hula kamar ana ganinsa, ya danna ya fara. Alhaji kuwa bai taɓa ƙin amsawa ba. Kowane saƙo da amsarsa, mai tsawo, mai daɗin ji.

Ana cikin haka Rufa'i na Sanyinna ya zo. Shi ne shugaban wasu manoman albasa su tara, kuma mutum ne mai sauri, ko daga babur bai sauka ba.

"Malam, rijiya tara muka so. Irinmu ya kusa isa dashe. In kana yi, Asabar mu gan ka. In ba ka yi, akwai wani na Jega da anka yi muna kwatance."

"Ai akwai magana tsakanina da Baba Alhaji na Fakku."

"Ya ce a zo?"

"Bai ce kar a zo ba."

Rufa'i ya dube shi, ya dubi Atiku da ke gefe yana gyaran tiyo. Atiku ya ɗaga kafaɗa.

"Ran Juma'a nan nika salla," in ji Rufa'i. "In an sauko zan biyo. Abin da ka hwaɗa man shi zan kai ma mutanena." Ya ta da babur.

Ran Litinin ke nan. Siddiƙ ya shiga gida ya zauna ya yi tagumi. In ya bi Rufa'i, ya karya alkawarin da ya yi wa mutumin da ya san mahaifinsa. In ya ci gaba da jira, na Jega ya ɗauke Sanyinna, Fakku kuma ba tabbas, inji ya kwana a zaure har rani ya wuce.

Hauwa'u tana tuyar ƙuli. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam, kunna man abin da ka aika ma Alhaji jiya."

Ya kunna. Muryarsa ta fito, a natse. Ya yi sallama. Ya gai da Baba Alhaji, ya tambayi kwanan iyali, da Hajiya babba, da ƙafar da ke damunta. Ya gai da yara ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke karatu a Birnin Kebbi. Ya yi barka da girbi. Ya tambayi liman. Ya tambayi shanu, musamman wata saniya da aka ce ta yi ɓari. Hauwa'u ta kwashe kasko guda ta zuba wani. Can wajen minti na biyar muryar ta yi ƙasa, ta ce, "To, dama dai, batun wancan ɗan abin da munka taɓa zantawa, in Allah ya sa an samu sarari, ba gaggawa." Sai sallama.

"Yanzu kunna tashi amsar."

Alhaji ya amsa sallama. Iyali lafiya. Ƙafar Hajiya da sauƙi. Yara duk suna gaisuwa. Liman ya gode. Saniya ta tashi, har ta fara kiwo. Allah ya yi albarka. Ƙit.

Hauwa'u ta ajiye matsami ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ka gani? Ya raka ka har garke ya tsaya. Mi ka tambaye shi da bai amsa ba? Ka tambayi saniya, ya ba ka labarin saniya."

"Kulu, dattijo ne. Ba a yi mai tsaye."

"Wa ya ce ka yi mai tsaye? Ka durƙusa, amma ka yi tambaya. Kai da bakinka ka ce ba gaggawa. In ni ce, nima sai in bari sai bayan Salla."

"To mi zan ce?"

"Abin da ka hwaɗa man yanzu kana tagumi. Shi za ka hwaɗa mai."

Da la'asar ya zauna gindin darbejiya, Hauwa'u na daga cikin zaure inda ba a ganinta, Atiku na kan benci. Ya danna, ya yi sallama, ya gai da Alhaji da iyali. Ya ja numfashi. "Ya ƙafar Hajiya..."

"Goge," in ji murya daga zaure.

Ya goge. Karo na biyu ya tsallake ƙafar Hajiya lafiya, amma ya faɗa kan liman. Karo na uku ya yi kyau har tsakiya, sai ya ji kansa yana cewa ba gaggawa, ya goge da kansa tun ba a ce ba. Atiku ya ce in an kai goma a tashe shi. Ya kawo shawara kuma a ce wa Alhaji mutanen Sanyinna ashirin ne suna layi, don ya ji tsoro. Siddiƙ ya ce tara ne, tara zai ce, kuma ba tsoro yake son ba shi ba.

Wanda ya tafi, na shida ne. Bai kai minti ɗaya ba.

"Salamu alaikum, Baba Alhaji. Siddiƙ ne. Ina gaisuwa, ina gai da gida baki ɗai. Batun rijiya shida na fadama nika magana, wadda na kawo takardarta tun damina. Na aje maka makon farko kamar yadda na yi alkawari, to ga shi ya zo, kuma mutanen Sanyinna su tara suna neman wannan makon. Ina roƙo, Baba, ka ce man i ko a'a kafin sallar Juma'a. In i ce, Asabar in sayo bututu, Lahadi muna Fakku. In a'a ce, wallahi ba komi, bana ba ita ce ƙarshen rani ba, kuma kai ubana ne ko da rijiya ko babu. In ban ji komi ba har an sauko, zan ɗauka ba bana ba, in ba su makon. Allah shi ƙara girma."

Da ya saki yatsa sai ya ajiye wayar nesa da shi kamar ta yi zafi. Ya ce shi kam ya yi rashin kunya yau. Hauwa'u ta ce in wannan ce rashin kunya, to ita ba ta taɓa yin magana ba tun da aka haife ta.

Alamar waya ta nuna an saurara tun kafin magariba. Amsa ba ta zo ba. Talata shiru. Laraba shiru. Mutumin da bai taɓa barin saƙo ya kwana ba, yau ko labarin saniya babu. Siddiƙ ya daina cin abinci sosai. Sau biyu Hauwa'u ta kama shi ya gyara hula zai aika ban-haƙuri, ta ce in ya ƙara ko kalma ɗaya ya rushe wancan, don wa'adi in an bi shi da wani saƙo ya zama gaisuwa.

Ran Juma'a da hantsi wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Ya kwance zabi biyu daga bayan babur, ƙafafu a ɗaure, ya sauke kwanon man shanu.

"Daga Alhaji Ɗangiwa."

"Mi ya ce?"

"Ya ce a gaishe ka."

"Sai mi?"

"Ya ce a gai da gida."

"Ba wata magana? Ko takarda?"

"Ya ce in yi hankali da man, kar ya narke." Ya juya babur ya tafi.

Suka tsaya su uku a kan zabin. Atiku ya ce wannan ai a fili take, i ce. Mutum ba ya ciyar da ma'aikacin da ba zai yi masa aiki ba, wannan guzurin hanya ne. Hauwa'u ta ce ita 'yar can ce, ta san mutanenta. In i ce, da ɗansa zai aiko ya ce ga inda za a sauke kaya. Zabi biyu da mai, wannan haƙuri ne aka ɗauro da igiya.

"In a'a ce ai guda ta isa," in ji Atiku.

"Girman kunya, girman kaya."

"Ke dai miya kika hange."

"Kai kuma fura da nonon Fakku ka hange, na san ka."

Zabin suka hau kuka, irin kukansu mai tsaga kunne, kowa ya ce ga shi nan sun goyi bayansa.

Shi Siddiƙ hankalinsa na wani wuri. Abin da ke ransa shi ne ya roƙi Rufa'i ƙarin mako ɗaya, ya je Fakku ya yi godiya, watakila a can maganar ta fito. Ya san kuma yadda za a yi: tabarma, fura, tuwo. Ya tafi masallaci da wannan a ransa, ya dawo da shi. Ya duba waya a ƙofar gida. Babu komai.

Rufa'i ya iso, wannan karon ma bai sauka ba.

"Malam, mi zan kai musu?"

Siddiƙ ya dubi zabin da ke ɗaure a inuwa. Ya daɗe yana dubansu.

"Ni amsar baki na tambaya, ba zabi ba," ya ce a hankali. "Kuma na hwaɗi abin da zan yi in ban ji ba. Ka ce musu gobe da sassafe."

Da Rufa'i ya tafi, ya ɗauki waya ba tare da kowa ya tsaya a kansa ba. Ya ce saƙo ya iso, an gode, Allah ya saka da alheri, gobe in Allah ya yarda zai kafa inji a Sanyinna. Kafin ya mayar da ita aljihu amsa ta shigo. Muryar Alhaji ce, wasai, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

"Madalla, ɗana. Allah shi ba da sa'a."

Hauwa'u ta aika a kira mai yanka.

Rijiya tara ta zama goma sha huɗu, don maƙwabta sun ga ruwa. Sai bayan an fara cirar albasa suka haɗu da Alhaji, a wurin wata ta'aziyya a Kebbe. Siddiƙ ya durƙusa, yana shirin neman gafara. Alhaji ya kama hannunsa ya ja shi gefe.

Ashe fadamar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ta gado ce, shi da ƙanensa, kuma nan ƙanen ke sauke shanunsa da rani. Alhaji ya kira mai rijiya kafin ya shawarci ɗan'uwansa. Da ƙanen ya ji, ya ce in an dasa albasa shanu su ci me? Maganar ta tsaya nan tun damina. Shi kuwa Alhaji ya rasa yadda zai ce wa ɗan mutumin da ya gina masa rijiya ya taso shi a banza.

"Na zaci ba ka jin saƙona har ƙarshe, Baba."

"Ina ji har ƙarshe, duka. Amma gaisuwarka tana da faɗi, ɗana, mutum na samun inda zai laɓe. Wanga na ƙarshe na juya shi ta ko'ina, ban ga ko gindin kara ba."

"Da ka ce a'a, ai da an huta."

"Na ce mana. Zabin ba su iso ba?"

Ba a dariya a wurin ta'aziyya, sai suka yi ta tari su biyu.

Tun daga shekarar, duk wanda ya riƙe wa Malam Siddiƙ takarda har lokaci ya matso, yakan sami ɗan gajeren saƙo mai ladabi da rana a cikinsa. Wasu su ce i, wasu su ce a'a, kuma ba a ji wanda ya ƙi gaishe shi a kasuwa ba. A sauran al'amura dai bai sake ba. Aron tsani yana nan yadda yake.

Shekaru biyu bayan nan, wata safiya yana cikin gida, wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Hauwa'u, wadda ke tsaye a madafa, taku goma daga inda yake. Ta gaishe shi da ladabi. Ta ce batun 'yar rijiyar bayan gida take magana, wadda ya ce zai haƙa mata don ta shuka alayyafo da tattasai, tun tana goyon ɗansu na biyu. Tana roƙo ya ce i ko a'a kafin Juma'a. In ba ta ji ba, an yi mata kwatancen wani na Jega.

Ya ce i tun ran Laraba. Shi da Atiku suka kafa inji a bayan gida, suka danna bututu ya shiga gaba biyu. Sai ga Rufa'i a ƙofa, wata rijiya ta toshe a Sanyinna, albasa na ƙuna. Suka kwance inji suka ɗora a mota. Malam Siddiƙ ya kife tsohon kwano a bakin bututun don kada ƙasa ta shiga, ya ce jibi.

Daga Sanyinna aka wuce da su wata gona, daga can wata. Da damina ta sauka ya kwanta, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Atiku ya zo bayan arba'in ya ce yini ɗaya ya isa ya ƙarasa. Hauwa'u ta gode masa, ta ce za a duba. Bututun yana nan a bayan gida da kwanonsa a kife, kaji na hawa su sha iska.